Shaf mai ƙarfe iri biyu da aka kafe ta kai biyu: wa ke ɗaukar murɗar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji uku, sashen injiniyan kanikanci a nan Samaru. An ba mu shaf mai kaurin milimita 50. Daga A zuwa B baƙin ƙarfe ne, tsawon milimita 600, `G = 80 GPa`. Daga B zuwa C alminiyam ne, tsawon milimita 400, `G = 27 GPa`. An kafe A da C, aka murɗa a B da `1500 N·m`. Ni na raba kamar yadda ake raba nauyi a kan bim, na samu 600 a A da 900 a C. Abokina ya ce 750 ne kowanne. An soke mu duka biyu. Don Allah ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka lura da wani abu tukuna: amsarka da ta abokinka duk sun haɗu sun ba da 1500. Da wani ya zo ya ce 1499 da 1, shi ma nasa ya haɗu. To idan amsoshi uku masu saɓa wa juna duk sun tsallake gwaji ɗaya, gwajin ne bai isa ba. Dokar daidaito abu guda kawai take faɗa maka, cewa abin da bangon A ya riƙe da abin da bangon C ya riƙe dole su tashi daidai da abin da aka sa a tsakiya:

```
TA + TC = 1500
```

Abin da ba a sani ba biyu ne, ikweshan kuwa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce shaf ɗin indetaminet ne: daidaito shi kaɗai ba zai raba gardamar ba, sai an koma an tambayi ƙarfen kansa yadda yake murɗuwa.

Ɗauki tawul ka sa yara biyu su riƙe, kowa da kansa ɗaya, kai kuma ka kama tsakiya ka murɗa. Hannunka juyi ɗaya ya yi. Ɓangaren dama bai isa ya ce shi digiri goma aka juya shi ba, na hagu kuma ya ce shi biyar, domin duk biyun a tafin hannunka suka haɗu. Haka mahaɗar B take. Fuska ɗaya ce, kuma kusurwa ɗaya take juyawa. Tunda A ba ya motsi, C ma ba ya motsi, murɗuwar da baƙin ƙarfe ya yi daga A zuwa B daidai take da wadda alminiyam ya yi daga C zuwa B. Wannan shi ne ikweshan na biyu, wanda ake kira sharaɗin dacewa. Daga surar abin ya fito, ba daga ƙarfin da aka sa ba.

Saura a haɗa kusurwar da ƙarfin murɗa. Ga shaf mai zagayayyen jiki wanda bai wuce iyakar da zai koma yadda yake ba idan an sake shi, `φ = T·L / (G·J)`. Ni na fi son ɗalibi ya juya wannan ya rubuta shi a matsayin `T = k·φ`, inda `k = G·J / L`. Wannan `k` shi ne taurin ɓangaren: yawan ƙarfin murɗar da ake buƙata kafin a juya kansa radiyan ɗaya. Abu uku ke cikinsa. `G` taurin sinadarin ƙarfen ne. `J` ya danganta da kauri. `L` kuma yana ƙasa, wato dogon ɓangare ya fi gajere laushi, kamar yadda doguwar sanda ta fi guntuwarta sauƙin lanƙwasuwa. Kai ka kama `L` kaɗai ka bar sauran biyun. Abokinka bai kama ko ɗaya ba.

Bari mu sa lambobin. Ina ba ka shawara ka yi komai da niyutan da milimita, domin a haka `G` zai zama 80,000 da 27,000, kuma sitires zai fito kai tsaye a `MPa` ba tare da ka yi ta bin sifili ba. Yawancin takardun da na taɓa dubawa da suka faɗi a irin wannan tambaya, ba fahimta ce ta kayar da su ba, haɗa mita da milimita ne a cikin `J`, wanda yake da ƙarfi huɗu, don haka ƙaramin kuskure a nan yakan zama na sifili goma sha biyu.

```
J  = π·d⁴/32 = π·50⁴/32 = 613,592 mm⁴
k1 = 80,000 × 613,592 / 600 = 81.81 × 10⁶ N·mm/rad
k2 = 27,000 × 613,592 / 400 = 41.42 × 10⁶ N·mm/rad
```

Duba abin da ya faru. Baƙin ƙarfen ya fi tsawo, kuma tsawon ya rage masa tauri, amma `G` ɗinsa ya kusa ninka na alminiyam sau uku. Da aka haɗa ribar da asarar, ya fito ya kusa ninka alminiyam sau biyu a tauri. Tunda kusurwa ɗaya za su juya, wanda ya fi tauri shi zai fi yin gardama, kuma gardamar nan ita ce ƙarfin murɗar da yake kai wa bangonsa. Don haka:

```
φ  = 1,500,000 / (81.81 + 41.42)×10⁶ = 0.01217 rad
TA = k1·φ = 996 N·m
TC = k2·φ = 504 N·m
```

Wato B ya juya kimanin digiri 0.7, bangon A ya riƙe 996, bangon C ya riƙe 504. Ka ga amsarka ba kaucewa kawai ta yi ba, kifewa ta yi: ka ɗora wa alminiyam babban kaso alhali baƙin ƙarfe ne ke ɗauke da kashi biyu cikin uku.

Amma kada ka jefar da dabararka gaba ɗaya, tana da gidanta. Da shaf ɗin ƙarfe iri ɗaya ne daga A har C, kauri ɗaya, to `G·J` zai soke kansa a ɓangarorin biyu, a bar tsawo kaɗai, kuma 600 da 900 ɗinka su ne za su zama amsa. Shi ya sa dabarar ke yaudarar mutane: ta taɓa ba su amsa daidai a wata tambaya, sai su ɗauka doka ce. Abokinka ma yana da ranar da zai yi gaskiya, ranar da `k1` ya yi daidai da `k2`. Da alminiyam ɗin nan tsawonsa milimita 202.5 ne maimakon 400, da 750 da 750 ne.

Akwai tarko biyu da nake so ka gane da ido tun kafin ka faɗa. Na farko alama ce. Idan ka yanka shaf ɗin a cikin AB ka duba, sannan ka yanka a cikin BC ka duba, za ka ga murɗar da ke cikinsu ba ta fuskanci gefe ɗaya ba. Ka ja layi a miƙe da alli daga A zuwa C kafin a murɗa: bayan an murɗa, layin zai karkata ya tafi gefe har zuwa B, daga nan ya karkato ya dawo inda yake a C. Don haka idan kana tara kusurwa daga A zuwa C, ɗaya tana da alamar ƙari, ɗaya ta ragi, jimlarsu sifili. Wanda ya ba su alama iri ɗaya zai samu 3038 a A da ragin 1538 a C. Duk lokacin da ka ga bango ɗaya yana riƙe da fiye da abin da aka sa a shaf ɗin, ɗaya bangon kuma yana taya mai murɗa turawa, to alama ce ta ɓace maka. Da ƙarfin murɗa guda ɗaya a tsakani, kowane bango dole ya samu wani abu tsakanin sifili da 1500.

Tarko na biyu ido ne ke kafa shi. Mutum ya ga ƙarfe biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce ai sifirin biyu ne a jere, ya haɗa taurinsu ta hanyar kifawa, ya samu kimanin 27.5 maimakon 123.2, kusurwa ta fito digiri 3.1. Jeren da ido ke gani ba shi ke yanke hukunci ba. Abin tambaya shi ne: mene ne ɓangarorin suka yi tarayya a kai? Da a C aka murɗa, A kaɗai aka kafe, to ƙarfin murɗa ɗaya ne zai ratsa su duka, kusurwoyinsu ne za a tara. A naka kuwa kusurwa ce ɗaya, ƙarfin murɗa ne ake tarawa, don haka taurinsu ma tarawa ake yi kai tsaye. Lissafin iri ɗaya ne da na sandar ƙarfe da aka zura cikin bututun alminiyam aka manne su, ko da yake surarsu ba ta yi kama ba ko kaɗan.

Yanzu ga sitires, wato ƙarfin da ke neman zamar da ƙarfen a kan kowane milimita murabba'i. A tsakiyar shaf sifili ne, yana ƙaruwa har ya kai ƙololuwa a fatar waje. Ga shaf marar rami, `τ = 16·T / (π·d³)`, kuma `π·d³/16` na milimita 50 shi ne 24,544. Baƙin ƙarfe zai samu `40.6 MPa`, alminiyam `20.5 MPa`. Da amsarka aka bi, da an ce baƙin ƙarfe 24.4 kawai yake ji, an raina wahalarsa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Irin kuskuren da ke karya shaf ke nan, ba wanda ke rage maki kawai ba.

Akwai wata hanyar rubuta sitires ɗin da ba a cika nuna wa ɗalibai ba, kuma a ganina ita ce ta fi buɗe ido. Idan ka sa `T = G·J·φ/L` a cikin `τ = T·r/J`, sai `J` ya fice, a bar:

```
τ = G·r·φ / L
```

Wannan yana cewa da zarar kusurwar B ta tabbata, sitires ɗin kowane ɓangare ya tabbata, kuma abin da ke iko da shi `G` ne da rabin kauri da tsawo. Riƙe wannan, domin kusan kullum tambayar da ke biyo bayan taka ita ce: mene ne iyakar ƙarfin murɗar da za a iya sawa a B?

A ce an yarda baƙin ƙarfen ya kai `60 MPa`, alminiyam `35 MPa`. Abin da hankali ke fara rayawa shi ne a lissafa iyakar kowanne a tara: 1473 da 859, jimla 2332. Wannan ba daidai ba ne, domin ya ɗauka su biyun za su kai iyakarsu lokaci guda, kuma babu abin da ya tilasta haka. Tambayi kowanne kusurwa nawa zai iya jurewa. Baƙin ƙarfe: 60 sau 600 a raba da 80,000 sau 25, radiyan 0.0180. Alminiyam: 35 sau 400 a raba da 27,000 sau 25, radiyan 0.0207. Wanda ya fara cewa ya isa, shi ke tsayar da aikin, kuma a nan baƙin ƙarfe ne. Ninka 0.0180 da jimlar tauri, za ka samu `2218 N·m`. A lokacin alminiyam yana kan 30.4 ne kawai, da sauran ƙarfinsa, amma ba yadda za a yi a ci moriyar ragowar ba tare da an wuce iyakar abokin tafiyarsa ba. Ka lura da abin mamakin: ƙarfen da kowa zai nuna ya ce shi ne mai ƙarfi, shi ne ya fara gazawa, saboda taurinsa ya jawo masa kaya. Tauri daban, juriya daban. A baki muna cewa abu yana da ƙarfi mu haɗa su duka, amma a lissafi `G` ne ke raba kaya, juriya kuma ita ke faɗin ko mai ɗauka zai iya.

Wannan ya kai mu ga abin da ya fi ruɗa masu gyara a aikace. A ce alminiyam ɗin ne ke ba ka tsoro, sai ka ce bari a ƙara masa kauri daga 50 zuwa 60. A shaf ɗin da aka kafe ta kai ɗaya, wannan zai sauke sitires ɗinsa da fiye da kashi 40 cikin ɗari, domin kayan da yake ɗauka bai canja ba. A nan kuwa kayan na canjawa. `J` yana tafiya da kauri mai ƙarfi huɗu, don haka ƙarin kashi 20 a kauri ya ninka tauri sau 2.07, `k2` ya koma 85.88. Sabon rabo: A ya riƙe 732, C ya riƙe 768. Alminiyam ya jawo wa kansa ƙarin kaya na sama da rabin abin da yake ɗauka a da. Sitires ɗinsa ya sauka daga 20.5 zuwa 18.1 kawai, alhali baƙin ƙarfen da ba a taɓa shi ba ya faɗo daga 40.6 zuwa 29.8. Ka yi wa ɗaya magani, ɗayan ya warke. Kamar gidan da babban wa ya samu ƙarin albashi ne: ba shi ke hutawa ba, ƙannen ne. Saboda haka idan baƙin ƙarfen ne matsalarka, ƙara wa alminiyam kauri ko rage masa tsawo hanya ce ta gaske. Idan kuma alminiyam ne matsalar, wani lokaci abin da ya fi shi ne a ƙara wa baƙin ƙarfen tauri ya janye kayan.

Duk lissafin nan ya tsaya ne a kan kalma ɗaya da ke cikin tambayarka: an kafe. A takarda, bango zane ne mai 'yan layuka a karkace, ba ya motsi ko da gashi ɗaya. A wurin aiki kuwa kan shaf yana zaune ne a cikin rami, da ki a tsakani, wato ɗan guntun ƙarfen da ke hana shi juyawa a ramin, ko haƙora, ko faranti da aka ɗaure da noti. Kowane ɗayansu yana da ɗan wasa. Kuma ka tuna duk kusurwar da muke magana a kai digiri 0.7 ce, abin da ido ba zai gani ba. To a ce ki ɗin da ke A ya ci, yana da wasan digiri 0.3. A fatar shaf mai kaurin 50 wannan bai wuce milimita 0.13 ba, kaurin takarda guda da ɗan ƙari. Duk makanikin da ka nuna wa zai ce wannan ai lafiya lau ne.

Ga abin da wannan ɗan wasan zai yi. Da aka fara murɗawa, baƙin ƙarfe yana juyawa ne a banza cikin raminsa, bai riƙe komai ba. Alminiyam shi kaɗai ke aiki har sai an cinye wasan. Digiri 0.3 radiyan 0.00524 ne, a ninka da `k2`, alminiyam ya riga ya ɗauki 217 shi kaɗai. Ragowar 1283 ce kawai za a raba bisa tauri: 852 ga A, 431 ga C. Jimlar C ta zama 648 maimakon 504, sitires ɗin alminiyam ya hau daga 20.5 zuwa 26.4, ƙarin kusan kashi 29 cikin ɗari. Idan kuma ki ɗin ya yanke baki ɗaya, 1500 ɗin duka za ta faɗa kan alminiyam, `61 MPa`, nesa da 35 ɗin da aka yarje masa. Shaf ɗin ba zai faɗi nan take ba, kuma wannan ita ce fa'idar kafewa ta kai biyu, amma kuma ita ce haɗarinta, domin gefe ɗaya na iya daina aiki ba wanda ya sani. Na taɓa ganin irin haka a wani wurin aiki: gefe ɗaya ke ta lalacewa, ana ta sauya shi da wanda ya fi kauri, alhali cutar tana ɗaya gefen, inda ramin ki ya buɗe. Alamar da ta tona asirin jan ƙura ce mai kama da garin tsatsa a bakin ramin, wadda ƙarfe biyu ke fitarwa idan suna ɗan gogar juna.

Idan bangon da kansa ne mai laushi, misali faranti siriri da ke ɗan lanƙwasuwa, gyaran lissafin ba wuya. Ka ba bangon nasa taurin, ka haɗa shi da na ɓangaren da ke jikinsa ta hanyar kifawa, domin su kam ƙarfin murɗa ɗaya ke ratsa su, sannan ka ci gaba kamar da. Sakamakon kullum ɗaya ne: gefen da bangonsa ya yi laushi yana sauke kaya, ɗaya gefen ya ɗauka.

Ita kanta mahaɗar B, tambayar ta wuce ta kamar ba komai, amma a nan aikin yake. Ba za ka kai baƙin ƙarfe da alminiyam wurin mai walda a Sabon Gari ya haɗa maka su da wutar lantarki yadda yake haɗa ƙofa ba. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfe sai wajen 1500, kuma inda suka cakuɗa a narke wani abu ne ke fitowa mai fashewa kamar tangaran. A masana'antu ana haɗa su da waldar gogayya, inda ake juya ɗaya a matse shi a jikin ɗayan har su kama. A wurinmu abin da ya fi sauƙi faranti biyu ne da noti, kuma sau da yawa a jikin farantin ne giya ko hannun da ke kawo murɗar yake. Duk inda kauri ya canja farat ɗaya, ko aka yanka ramin ki, sitires na wurin ya fi abin da `16·T/(π·d³)` ya faɗa, shi ya sa ake zagaye kafaɗar shaf maimakon a bar ta da kaifi. Lambobinmu na 40.6 da 20.5 na tsakiyar kowane ɓangare ne, nesa da mahaɗa da bango.

Wani abu kuma da tambayar ba ta ambata ba amma Zariya za ta tuna maka: zafi. Zafi ba ya murɗa shaf, amma yana miƙa shi, kuma bangon da ya hana juyawa yakan hana miƙewa. Baƙin ƙarfe yana ƙaruwa da kimanin kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, alminiyam kimanin 23. A ce an ɗaure shaf ɗin da sanyin safiyar hunturu, sannan ya kai tsakar ranar bazara da ƙarin digiri 25. Yana son ya miƙe da milimita 0.41. Idan bangayen sun ƙi ko kaɗan, da `E`, wato taurin ƙarfe wajen miƙewa, na 200,000 da 70,000, matsin da zai taso a tsawonsa ya kai wajen `47 MPa`, ya fi sitires ɗin murɗar kanta. Shi ya sa masu zane kan bar kai ɗaya a kan haƙoran da ke hana juyawa amma su bar shi ya zame gaba da baya.

Game da iyakar dabarar, abu biyu. `J = π·d⁴/32` na zagayayyen shaf marar rami ne kawai; ga zagayayye mai rami, sai a cire `J` na ramin. Coulomb ya yi aikinsa a kan murɗa siraran wayoyi a 1784, kuma sai a 1855 Saint-Venant ya nuna cewa sanda mai kusurwa huɗu fuskarta tana lanƙwasuwa idan an murɗa ta, ba ta zama a shafe. Don haka idan aka ba ka sanda mai kusurwa, ikweshan biyun nan na daidaito da dacewa suna nan, amma `J` ɗin daban ne. Na biyu, da zarar ɓangare ɗaya ya wuce iyakar komawa, taurinsa ya faɗi, rabon 996 da 504 ya rushe, ƙarin kaya ya koma kan ɗayan. Za ka gane haka ta layin allin nan: idan an sauke murɗar bai dawo a miƙe ba, an wuce iyaka. Idan har ya kai ga karyewa, bakin karayar zai ba ka labari. Ƙarfe mai miƙuwa yakan yanke a shafe, kamar an sa wuƙa. Mai fashewa irin ƙarfen zubi yakan karye a karkace, digiri 45, kuma za ka iya ganin wannan yau ɗin nan idan ka murɗa sandar alli da yatsunka. Rake kuwa tsagewa yake yi a tsaye, domin sitires ɗin da ke zagaye fuskar yanka yana da abokinsa daidai da shi a tsawon sandar, kuma tsakanin zaruruwa ne rake ya fi rauni.

Kada kuma ka ɗauki wannan lissafin ka kai shi inda ba nasa ba. Shaf ɗin injin niƙa da bel ke ja a tsakiya, da inji a kowane kai, ba a kafe yake ba: kowane inji yana jan abin da aikinsa ke buƙata, tauri ba ya shiga rabon. Haka ƙafafun baya na mota, inda giyoyin da ke tsakiyar aksil ke raba murɗa daidai ga dama da hagu ko da tsawon shaf ɗin biyu ya bambanta. A can 750 da 750 ɗin abokinka ce doka.

Kafin ka miƙa gyaran, yi gwaji biyu da alƙalami. Tara 996 da 504 ka ga 1500. Sannan ka lissafa kusurwar B sau biyu, sau ɗaya daga gefen A da 996, sau ɗaya daga gefen C da 504, ka ga ko duk sun ba ka 0.0122. Yi wa tsohuwar amsarka gwajin nan na biyu: 600 a A zai ba ka 0.0073, 900 a C zai ba ka 0.0217, wato fuskar B ɗaya ta juya kusurwa biyu, ɗaya ta ninka ɗaya kusan sau uku. Ka gaida abokin naka, ka ce shi ma ya gwada nasa.